Gobara ta ci shagona a Agege: me zan rubuta wa kamfanin inshora tun ban san musabbabin wutar ba?

Sani_Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren Talata gobara ta tashi a layinmu a nan Agege, ta ci shaguna huɗu har da nawa. Kayan masarufi nake sayarwa sari da ɗaiɗai: shinkafa, man girki, taliya, madara, sukari, sabulu. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Ina da inshorar gobara da na yi ta hannun wani dillali, kuma na kira shi da asuba na gaya masa. Ya ce kiran waya bai isa ba, in rubuto takarda zuwa kamfani. To a nan na tsaya. Ban san me ya tada wutar ba, ban san jimillar asarata ba, littafin da nake rubuta shiga da fitar kaya ma ya ƙone. Wasu maƙwabta na cewa daga firizar mai shagon gefe ta tashi lokacin da aka maido da wuta, wasu na cewa daga bayan layi ne. Yau Alhamis. In jira sai rahoton 'yan kwana-kwana ya fito in rubuta cikakkiya, ko in rubuta yanzu? In kuma yanzu ne, me zan ce?

Maman_Hadiza

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu Malam Sani, Allah ya mayar da mafi alheri, ya kiyaye gaba.

DanKwari_Balogun

Allah ya mayar da alheri. Shawarata kada ka yi gaggawa. Takardar farko ita za su riƙe ka da ita har ƙarshe, don haka ka bari sai ka haɗa rahoton 'yan kwana-kwana da na 'yan sanda da lissafinka. Sannan in za ka sa kuɗi ka sa da yawa. In asararka miliyan 9 ce, rubuta 14. Ai sai sun rage, mu da muke kasuwar Balogun mun ga irin wannan ba sau ɗaya ba.

Malam_Bala_Ikeja

Sannu da wannan jarrabawa, ƙanena Sani. Na daɗe ina aiki a ofishin dillalan inshora kafin in yi ritaya, irin takardar nan ta bi ta hannuna da yawa. Ka rubuta yau, kada ka kwana.

DanKwari ya yi gaskiya a abu ɗaya, cewa za a riƙa komawa ga takardar farko. Amma shawarwarin nan biyu da ya ba ka za su iya jawo maka asara ta biyu. Ɗauko takardar inshorarka ka duba sharuɗɗan da ke can wajen ƙarshe. Za ka ga matakai biyu ne, ba ɗaya ba. Na farko sanarwa, kuma abin da aka saba rubutawa shi ne a sanar da kamfani nan take. Na biyu shi ne cikakken bayanin kayan da suka salwanta da kuɗinsu, wannan ana ba shi wa'adi, a wasu takardun kwana 15, a wasu kwana 30, ko abin da kamfani ya ƙara maka a rubuce. Abin da dillalinka yake nema yanzu matakin farko ne kawai. Ba a tsammanin ka san musabbabi ko jimilla a cikinsa. Ana so ne a san gobara ta auku, a ina, yaushe, me ta taɓa, domin su turo ajasta, wato mai zuwa ya duba wurin ya ƙiyasta asara, tun ba a share toka ba. Rahoton 'yan kwana-kwana kuwa ba a hannunka yake ba, in ka ce sai ya fito, kana iya wuce wa'adin duka biyun.

Maganar ƙara kuɗi kuma, akwai sharaɗi a kusan kowace takardar gobara cewa in aka sami zamba a cikin abin da mutum ya nema, duk haƙƙinsa ya faɗi, har da na gaskiyar. Ka je neman ƙarin miliyan 5 ka rasa 9 ɗin.

Sani_Agege

Na gode Malam Bala. Na duba, tawa kwana 30 ta ce. Sa'ar da na yi takardar tana gida, ba a shago ba. Amma in ban faɗi musabbabi ba, ba za su ɗauka ina ɓoye wani abu ba?

Malam_Bala_Ikeja

Wanda ake zargi shi ne wanda ya faɗi abu yau, gobe ya canza. Ka raba maganarka gida uku: abin da ka gani da idonka, abin da aka gaya maka tare da faɗin wanda ya gaya maka, da abin da ba ka sani ba tukuna. Na ukun ka rubuta shi ƙarara, “ban san musabbabin gobarar ba zuwa yanzu”. Wannan jimla ba ta rage maka ko kobo. Inshorar gobara ba ta ɗora maka nauyin gano inda wuta ta samo asali, abin da ke kanka shi ne nuna cewa gobara ta ci kayan da ka yi wa inshora. Ba ni labarin daren daki-daki da lokuta, sai mu tsara.

Sani_Agege

Na rufe shago ƙarfe 8 na dare ni da yarona, muka kashe fitilu da fanka. Babu wutar lantarki a lokacin. Wajen 1:40 maigadin layi ya kira ni. Na iso kamar 2:15, na tarar rufin shagona da na gefe yana ci, motar kwana-kwana ta riga ta iso, wani ne ya kira 112. An shawo kanta wajen 4. Matasan unguwa sun fasa ƙofata sun fitar da wasu katan-katan, wasu mun same su, wasu ba mu gan su ba. Bayan shagon inda shinkafa da mai suke ya ƙone ƙurmus. Gaban kuma ruwa ya jiƙa, hayaƙi ya turnuƙe.

Aminu_Mai_Wayarin

Ni mai aikin wuta ne, bari in ce wani abu kan batun firizar nan. Duk gobarar kasuwa da aka yi a Legas, kafin gari ya waye an riga an yanke hukunci cewa maido da wuta aka yi da ƙarfi. Wani lokacin haka ne, wani lokacin ba haka ba. A layin shaguna irin namu waya ɗaya ce ke bi ta saman silin daga shago zuwa shago, an yi mata jone-jone, ga ɓeraye. Inda aka fara ganin hayaƙi ba lallai nan ta fara ba, domin wuta tana bin cikin silin ta ɓullo nesa. Kuma wayar da ta narke bayan gobara ba hujja ba ce, zafin gobarar kansa yana narkar da ita. Malam Sani bai ma iso ba sai bayan minti 35 da kiran, to ta yaya zai rubuta daga firizar wane ta tashi?

Abu_Alaba_Rago

Ni dai tambayata, wannan inshorar ma ta halatta? Mu a wajenmu in gobara ta ci ɗan'uwa, Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa ke zama a yi karo-karo. Me ya kai ka ba wa kamfani kuɗinka?

Maman_Hadiza

Haba Malam Abu, mutum yana tsaye kan tokar shagonsa. Ba wannan ya tambaya ba.

Baba_Tijjani_Obalende

Abu, maganarka tana da muhalli amma ba yau ba. Malamai sun yi magana a kai, kuma saboda haka ne ma aka samar da takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, akwai kamfanoninsa masu lasisi a ƙasar nan. Ko takaful ɗin mutum ya yi, in gobara ta faru sai ya rubuta irin wannan takardar. Karo-karo kuma ba wanda ya hana, mu ma za mu sa hannu in Allah ya yarda. Sani ɗana, ci gaba da abin da ke gabanka.

Abu_Alaba_Rago

To Baba, na ji. Allah ya mayar masa da alheri.

Hajiya_Idi-Araba

Sannu Sani. Ni abin da zan gaya maka kan kayan da suka jiƙe ne, domin ya taɓa samuna a shagon atamfa. Wutar ba ta ma shigo wurina ba, ruwan 'yan kwana-kwana da hayaƙi suka lalata min kaya. Mutane suka yi ta ce min ba za a biya ba tunda bai ƙone ba. An biya. Ruwan da aka kashe gobara da shi ana lissafa ɓarnarsa cikin ɓarnar gobarar. Don haka ka ambaci jiƙewa da hayaƙi a takardarka, kada ka tsaya kan abin da ya ƙone kaɗai. Sannan kada ka bar yara su share wurin. Maƙwabciyata ta sa aka kwashe komai aka kai bola washegari don ta samu ta gyara, da ajasta ya zo bai tarar da abin ƙirgawa ba, sai da ta sha wahala sosai. Shi gwangwanin madara ko na tumatir ko ya ƙone ana ƙirga shi a san katan nawa ne.

Sani_Agege

Hajiya, to shinkafar da ta jiƙe fa? Akwai wajen buhu 20 a gaba da ruwa ya taɓa. In na bar su a zafin nan, kwana biyu za su fara tsami. Wani mai kiwon kaji ma ya zo yana taya su.

Malam_Bala_Ikeja

Abu biyu ne ke kanka a lokaci guda: kada ka ɓata shaida, kuma kada ka bar asara ta ƙaru alhali kana iya tsayar da ita. Ga yadda ake haɗa su. Ɗauki hoto da bidiyo na kowane ɓangare yadda yake, tun daga ƙofa har baya. Sannan ka ware mai kyau daga jiƙaƙƙe, ka ɗaga buhunan kan katako, ka shanya wanda zai shanyu, ka kai mai kyau wurin da ake kullewa, ka rubuta abin da ka kwashe da inda ka kai shi. Ɓangaren da ya ƙone kada a taɓa. Sayarwa kuwa a'a, sai ajasta ya gani ko kamfani ya yarda a rubuce, domin kuɗin ragowar kaya yana shiga lissafin abin da za a biya ka. Ka sa wannan a takardar: akwai kayan abinci da suka jiƙe da za su lalace da sauri, ana roƙon a turo ajasta cikin gaggawa, ko a ba da izinin sayar da su. Irin wannan jimla tana sa fayil ya motsa.

Direban_Mil12

Ni lokacin da motata ta yi haɗari a hanyar Ikorodu, abin da suka fara nema rahoton 'yan sanda ne da lasisina. Ba tare da shi ba ko kallona ba su yi ba. Don haka DanKwari ya fi gaskiya, ka fara zuwa caji ofis.

Maman_Hadiza

Direba, na mota daban ne. Amma ko a nan zuwa caji ofis yana da amfani tunda an yi awon gaba da wasu kaya. Ya je ya shigar da rahoto, ya kuma nemi na 'yan kwana-kwana, sai dai ba zai jira su kafin ya aika sanarwa ba. Sai ya rubuta cewa ya nema, zai turo in sun fito.

Ni lissafi nake yi wa 'yan kasuwa, bari in taɓa batun littafin da ya ƙone. Malam Sani, ba a rasa komai ba. Dilolin da kake sari a wurinsu suna da kwafin rasit, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Banki zai ba ka bayanan asusunka na wata shida ko shekara, a nan za a ga abin da ka tura wa masu kaya da abin da ya shigo ta na'urar cire kuɗi. Saƙonnin WhatsApp da kake yin oda da su, da hotunan takardun lodi, duk kada ka goge. Daga kayan da ka saya a cire wanda ka sayar, sai a kusanci abin da ke cikin shago daren. Aikin mako biyu ne ko fiye, shi ya sa ba ya shiga takardar farko. Abin da zai shiga shi ne cewa littafin ya ƙone a gobarar kuma kana tattara madadinsa. Ka kuma sani a farashin sari ake lissafi, ba farashin da kake sayarwa ba. Ribar da za ka samu ba ta cikin inshorar gobara ta yau da kullum.

DanKwari_Balogun

To na ji batun jira, na janye. Amma kuɗi fa dole a sa wani abu. Takarda ba adadi, ai kamar ka je kasuwa ba ka yi tayi ba. Za su ɗauka ƙaramin abu ne su turo maka yaro.

Malam_Bala_Ikeja

Nan kam kana da hujja, DanKwari. Kamfani yana son ya san girman abin don ya ware kuɗi ya kuma san wa zai tura. Ana iya sa ƙiyasi, amma a kira shi ƙiyasin farko da zai iya hawa ko sauka. Sani, nawa ka yi wa kayan inshora, kuma a ganinka kayan nawa ne a shagon daren?

Sani_Agege

Miliyan 12 a kan kaya, miliyan 1.5 a kan kanta da shelf-shelf da fanka. Ginin na mai gida ne, haya nake yi. Amma gaskiya kayan sun fi 12, domin kwanan nan na yi babban sari, ga farashi ya tashi tun lokacin da na yi inshorar. Za su kai 18. Wanda ya lalace ina ganin kamar rabi.

Malam_Bala_Ikeja

To gara ka ji wannan daga gare ni tun yanzu. Akwai sharaɗin da ke cewa in darajar kayan da ke shago ta fi kuɗin da aka yi wa inshora, kai ne ka ɗauki nauyin bambancin, kuma za a raba asarar daidai da haka. Ka yi inshorar 12 a kan kayan 18, wato kashi biyu cikin uku. In asarar ta tabbata miliyan 9, abin da za a biya miliyan 6 ne, ba 9 ba, duk da cewa 9 ɗin bai kai 12 ba. Sannan a cire ɗan kason farko da takardarka ta ce kai za ka ɗauka, in akwai. Mutane da yawa a nan suke jin an cuce su, alhali yana rubuce tun ranar farko.

Kuma ka ga shawarar kumbura kuɗi ba ta kawo wa mai ita duk abin da yake zato ko ba a kama shi da zamba ba. Duk wanda ya ce kayan da suka ƙone sun kai 14, ya faɗa da bakinsa cewa shagon ya fi haka cika, sai kason da za a biya shi ya ƙara raguwa.

DanKwari_Balogun

To sai ya juya, ya ce duka kayan shagon 12 ne cif.

Maman_Hadiza

Da wane rasit? Takardun da zai kawo don nuna asararsa su ne za su nuna babban sarin da ya yi. Ba zai yiwu su zama gaskiya a shafi ɗaya, ƙarya a ɗaya shafin ba.

Sani_Agege

Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ba zan yi ƙarya ba. Akwai wasu abubuwa biyu. Na ɗaya, buhu 30 na shinkafa a cikin waɗanda suka ƙone ba nawa ba ne, wani abokina ne ya ajiye in sayar masa. Na biyu, ƙaramin janaretana yana kwana cikin shago, kuma akwai jarka mai lita 10 da ragowar fetur a ciki.

Malam_Bala_Ikeja

Shinkafar abokinka ka ware ta daban a takardar. Kayan amana ko na kamasho yawanci ba sa cikin inshora sai in an ambace su a jadawalin. Duba naka. In babu, kada ka cusa buhu 30 ɗin cikin naka, ka faɗi cewa suna nan kuma na wani ne, kamfani ya faɗi matsayinsa. Haka kayan da aka sace a lokacin gobara ko bayanta, takardar gobara da aka saba ba ta biyansu, haka tsabar kuɗin da ke cikin durowa. Duk da haka ka faɗi an fasa ƙofa an fitar da kaya kuma ba ka san adadin da ya ɓata ba, domin abin da ya faru ke nan.

Fetur ɗin ya fi nauyi. Wasu takardun suna da sharaɗi kan ajiye abubuwa masu saurin kama wuta, wasu suna yarda da ɗan adadi kaɗan. Karanta naka, ka kuma tuna abin da ka amsa a fom ɗin da ka cike da farko. Ni dai a ganina ka ambace shi. Ajasta zai ga ƙwarangwal ɗin janareta da idonsa, kuma tambayar da ke biyo baya ita ce ina man yake.

Hajiya_Idi-Araba

A nan ban bi ka ba, Malam Bala. Takardar sanarwa ce, ba a tambaye shi ba. Kai da kanka ka ce kada ya yi hasashen musabbabi. In ya sa fetur a shafin farko, ai ya miƙa musu hasashen da hannunsa, alhali wutar ma ana cewa daga gefe ta shigo. Ya bari in ajasta ya tambaya ya faɗi gaskiya. Wannan ba ƙarya ba ce.

Malam_Bala_Ikeja

Ba ƙarya ba ce, Hajiya, kuma na san dillalan da za su ba shi shawararki. Abin da na gani dai shi ne, abin da mai shago ya faɗa da kansa ana rubuta shi a layi ɗaya a wuce, wanda ajasta ya tono kuwa sai ya zama babi guda a rahoto. Amma a bar dillalinsa ya karanta sharaɗin ya yanke, shi ke riƙe da takardar.

Aminu_Mai_Wayarin

Wane shago ne a Legas ba janareta? In dai wannan zai hana biya, to ba wanda za a biya.

Sani_Agege

Ga abin da na tsara da Hausa, ɗan yayana zai mayar da shi Turanci. A duba min.

Zuwa ga sashen biyan diyya, ta hannun dillalina. Lambar inshora kaza, sunan mai inshora da adireshin shago kamar yadda suke a takardar.

Ina sanar da ku cewa gobara ta auku a shagona a daren Talata wayewar Laraba, ranar kaza. Na rufe shagon da misalin ƙarfe 8 na dare, babu kowa a ciki. Da misalin 1:40 maigadin layi ya kira ni. Na iso da misalin 2:15 na tarar rufin shagona da na maƙwabcina yana ci, jami'an hukumar kashe gobara ta jihar Legas suna aiki. An kashe wutar da misalin ƙarfe 4. Shaguna huɗu abin ya shafa, ba wanda ya ji rauni a iya sanina.

Kayan da ke bayan shagon, galibi shinkafa da man girki, sun ƙone. Na gaba ruwa da hayaƙi sun lalata wasu. Kanta da shelf-shelf sun lalace. An fasa ƙofa lokacin gobarar an fitar da wasu kaya, an samu wasu, ban san adadin da ya ɓata ba. Buhu 30 na shinkafa cikin waɗanda suka ƙone na wani ne da ya ba ni ajiya.

Ban san musabbabin gobarar ko inda ta fara ba. Maƙwabta na cewa daga firizar shagon gefe ne. Ban kammala lissafin asara ba, littafin kaya ya ƙone, ina tattara rasit daga masu sari da bayanan banki. Ƙiyasin farko kimanin naira miliyan 9 ne a kan kaya, kuma zai iya canzawa. Na nemi rahoton hukumar kashe gobara da na 'yan sanda, zan turo in sun fito.

Na ɗauki hotuna, ban taɓa ɓangaren da ya ƙone ba. Na kwashe kayan da ba su lalace ba zuwa ɗakin ajiya. Akwai shinkafa jiƙaƙƙiya kimanin buhu 20 da za ta lalace da sauri, ina roƙon a turo ajasta da gaggawa. A aiko min da fom ɗin neman diyya da lambar fayil.

Baba_Tijjani_Obalende

Ta yi kyau, amma cire maganar firizar maƙwabcinka. Takarda tana yawo, gobe ta faɗa hannun da ba ka zata ba, ka ɓata da mutumin da shi ma shagonsa ya ƙone. In dole ne, ka ce akwai maganganu mabambanta daga maƙwabta kuma ba ka tabbatar da ko ɗaya ba. Kai ma in wani ya zo yana cewa daga naka ta tashi, kada ka amsa laifi, kada ka yi alkawarin biyan kowa.

Malam_Bala_Ikeja

Na goyi bayan Baba. Sai ƙari kaɗan. Ka rubuta cewa ka sanar da dillali ta waya da asubahin Laraba, domin a san sanarwarka ta fara tun lokacin. Ka faɗi cewa haya kake yi, ginin ba naka ba ne, kuma ba ka san ko mai gida yana da tasa inshorar ba. Ka faɗi ko kana da wata inshorar a kan kayan nan a wani kamfani, in babu ka ce babu. In akwai bashin banki da aka sa sunan bankin a takardar, su ma a sanar da su. Kuma “na nemi rahoto” ɗin nan, ka tabbata ka nema kafin ka sa hannu, in ba ka je ba tukuna ka rubuta “zan nema”. Haɗa da kwafin rasit ɗin biyan kuɗin inshorar bana, domin ƙa'idar ƙasar nan ita ce in ba a biya ba babu kariya, kuma shi ne abu na farko da za su duba.

Wajen aikawa, kada ka tsaya kan WhatsApp na dillali. Tura imel zuwa kamfanin kai tsaye ka sa dillali a kwafi, sannan a kai ta hannu a buga maka hatimin karɓa mai kwanan wata a kan kwafinka. In abu ya yi tsami nan gaba har ka kai ƙorafi NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a ƙasar nan, wannan hatimin za a fara tambaya.

Direban_Mil12

To yaushe za su biya shi? Ni nawa ya daɗe.

Hajiya_Idi-Araba

Wannan sai bayan ajasta ya gama, an yi ciniki kan adadi, ya sa hannu a takardar amincewa. Da sauran tafiya. Sani, ka sa mutum ya riƙa kwana a wurin, masu tsintar ƙarfe ba sa jiran ajasta.

Sani_Agege

Na gyara kamar yadda Baba da Malam Bala suka ce, na je caji ofis, gobe da safe zan je wajen 'yan kwana-kwana, don haka na rubuta “zan nema” a nasu. Imel ya tafi ƙarfe 4 saura, yarona zai kai ta hannu da safe. Batun fetur, dillali ya ce in sa janareta cikin kayan da suka lalace, jarkar kuma zai karanta sharaɗin daren nan ya kira ni kafin ajasta ya zo. Mai kajin ya dawo ya ƙara tayi, na ce ya dakata. Maman Hadiza, bayanan banki na wata nawa zan nema, shida ko shekara?

Maman_Hadiza

Nemi na shekara, tun daga ranar da inshorar bana ta fara ko kafin nan. Ka ce su buga hatimi a kowane shafi. Ka fara bin dilolin shinkafa da mai, tunda nan kuɗin ya fi yawa.